Ga Kuɗi a Allo, Hannu Ba Ya Kaiwa: Saƙon Mai Shago Idan An Kulle Asusunsa a Manhaja

Da hantsin ranar Laraba mai shagon ya gane akwai matsala. Ya zo tura wa mai kawo masa burodi naira 18,000, wayar ta yi juyi, ta ce ba ta tafi ba. Ya ɗauka sabis ne, ya fita bakin titi ya sake gwadawa. A karo na uku sai wani rubutu na Turanci ya fito, wanda ɗansa ɗan sakandare ya karanta masa: an taƙaita asusun, a tuntuɓi sashen kula da abokan hulɗa. Kuɗinsa na nan a rubuce, naira 740,000, ko sisi bai ragu ba. Amma gobe Alhamis Alhajin da yake sarin kaya a wurinsa a kasuwar Singa ta Kano yana jiran naira 400,000 na kayan makon jiya.

Wannan mai shago misali ne, shi ya sa ba shi da suna, manhajar tasa ma haka. Amma duk wanda ke zama a shagunan unguwa ya san irinsa. Tun lokacin ƙarancin takardun naira na farkon 2023, da aka sauya fasalin kuɗi mutane suka yi ta kwana a layin banki, cinikin kanti ya koma kan waya. Lambar asusun OPay, PalmPay ko Moniepoint a rubuce a jikin kwali, an liƙa a gaban teburin mai shayi da na mai kayan masarufi, ta zama kamar ma'auni da leda. Abin da wannan sauyi ya haifar shi ne jarin mutum gaba ɗaya, da kuɗin dila, da na cefanen gida, suna kwana wuri guda, kuma makullin wurin ba a hannunsa kaɗai yake ba.

Saƙon farko da ya aika, ta akwatin hira na cikin manhajar, ya fito ne daga zuciyar da ke tafasa. Ma'anarsa da Hausa ita ce: "Don Allah ku buɗe mini asusuna. Ni ɗan kasuwa ne, ban taɓa cin haƙƙin kowa ba. Shekara uku ina tare da ku. Ku ji tsoron Allah, iyalina da wannan kuɗi suke ci." Duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Da maƙwabci aka faɗa wa haka, ko mai unguwa, da ya wadatar, domin su sun san mutumin. Ma'aikaciyar da saƙon ya faɗa hannunta ba ta san shi ba, kuma ko ta yarda da shi ɗari bisa ɗari, ba ita ta sa makullin ba. Aikinta ta haɗa bayani ta miƙa wa sashen da ya kulle, sashen kuma takarda yake karantawa. Saƙon da ba ya ɗauke da lambar ciniki, ko kwanan wata, ko shaida, ba shi da abin da za a miƙa. Amsar da ta dawo bayan sa'o'i ita ce wadda dubban mutane suka sani: ana duba lamarin, a yi haƙuri.

Kafin mutum ya rubuta saƙo na biyu, sai ya san wane irin kulle ne a kansa, domin kalmar "an rufe mini asusu" tana rufe da abubuwa daban-daban, kowanne da maganinsa.

Mafi sauƙi shi ne na shiga. An yi kuskuren lambar sirri sau da yawa, ko an canza waya, ko an sabunta layi, sai manhajar ta ƙi buɗewa sam. Wannan yawanci ɗaukar hoton fuska ne ko amsa wasu tambayoyi a cikin manhajar, a wuce wurin.

Na biyu shi ne na tantance mai asusu, kuma a nan dokar Babban Bankin Nijeriya ce ke aiki. Asusun kuɗin waya hawa uku ne. A hawa na farko, wanda allo ke rubutawa Tier 1, hada-hadar yini ba ta wuce naira 50,000, abin da zai kwana a ciki kuma ba ya wuce 300,000. A na biyu, 200,000 a yini da ajiyar 500,000. A na uku ne ake kai wa miliyan 5 a yini, ajiya kuma ba ta da iyaka, amma sai an ba da cikakkun takardu da shaidar adireshi. Mai shagon da ya buɗe asusu yana sayar da katin waya da alawa, kasuwa ta buɗe ya koma sayar da buhuna, yakan bugi wannan rufin bai sani ba. Ƙari a kan haka, a watan Disamba na 2023 Babban Bankin ya ba da umarnin cewa kowane asusu da kowace lalitar manhaja sai an haɗa su da lambar BVN ko NIN, masu hawa na biyu da na uku kuma sai da duka biyun, wanda bai yi ba a hana shi motsa kuɗi daga watan Maris na 2024. A nan ne wata matsala da ta addabi Arewa take fitowa: sunan da ke kan BVN Muhammad, na kan NIN Mohammed, ko an sa sunan gari a wuri ɗaya sunan kaka a ɗayan, ko ranar haihuwa ta sha bamban. Alamar wannan kulle ita ce manhajar da kanta tana neman a sabunta bayanai ko a ɗora takarda. Roƙo ba ya buɗe shi, gyaran takarda ne, wani lokaci har sai an je ofishin hukumar NIMC ko bankin da aka yi BVN a cikinsa.

Mai shagonmu ya riga ya hau hawa na uku, yana da rajistar sunan kasuwanci ta hukumar CAC, wadda ya yi a 2024 lokacin da aka matsa wa masu na'urar POS su yi. Manhajarsa tana buɗewa, kuɗi suna shiga, fita ce kawai babu. Wannan ita ce alamar kulle na uku, wanda ma'aikatan banki ke kira Post No Debit, a taƙaice PND. Ma'anarsa a hana cire komai. Yana da ɗan'uwa da ake kira lien, inda ake riƙe wani adadi kawai a bar sauran. Bambancin waɗannan biyun, ga ƙaramin ɗan kasuwa, shi ne bambancin shago a buɗe da shago a rufe, kuma a kansa ne saƙo mai kyau ya kamata ya tsaya.

Me ke jawo shi? Galibi ƙorafin damfara ne daga wani banki. An yaudari wata mata a wani gari, an karɓi lambar katinta ko an sa ta tura kuɗi, ta garzaya bankinta ta kai ƙara. Tun 2015 Babban Bankin ya umarci bankuna su kafa teburin kula da damfara, wanda ke iya hana fitar kuɗi da zarar ƙorafi ya zo. Bankin matar sai ya bi sawun kuɗin, ya aika wa duk inda suka sauka cewa a riƙe. Ɗan damfara kuwa ya san haka, shi ya sa ba ya barin kuɗi su yi sanyi a hannunsa. Yana neman wurin da zai mai da su kaya ko tsaba cikin minti kaɗan, kuma babu wuri mafi sauƙi kamar shagon unguwa.

Da ɗan nasa ya buɗe jerin shige da fice na makon, suka bi ɗaya bayan ɗaya, sai mai shagon ya dafe kai. Ranar Litinin da la'asar wani saurayi mai tsaf-tsaf ya sayi shinkafa da taliya da jarkar mai, kuɗi suka kama 95,000. Ya ce yayansa zai turo. Alat ya shigo na 150,000, da sunan wata mace. Saurayin ya ce ai matar yayan ce, ta haɗa da kuɗin motarsa, a taimaka a ba shi cikon 55,000 a hannu. Kuɗi sun shiga, alat na gaske ne, mai shago ya ƙirga ya ba shi, har ya sa yaro ya tare masa adaidaita. Alamomi uku ne suka haɗu a cinikin nan: sunan mai turowa ba na mai saye ba ne, abin da aka turo ya fi kuɗin kaya, sannan an nemi ragowar a tsaba. Kowanne shi kaɗai yana faruwa kullum a cinikin halal. Idan suka haɗu a kan baƙuwar fuska, ya kamata hannu ya tsaya.

Sai da ya sake komawa akwatin hira ya yi tambaya guda, gajeriya: wane irin taƙaitawa ne, a kan wace shigar kuɗi, kuma wane ne ya nema? Aka tabbatar masa cewa wani banki ne ya kawo ƙorafi a kan 150,000 ɗin. Daga nan suka zauna da ɗan, da wani malamin makaranta da ke sayayya a wurinsa, suka tsara saƙo na biyu. An aika shi da Turanci ta adireshin imel da ke rubuce a cikin manhajar, amma da Hausa aka fara shirya shi, kuma ga abin da ya ƙunsa:

"Zuwa ga sashen kula da abokan hulɗa. Ni ne mai asusun kasuwanci mai lamba kaza, da sunan shago kaza, a unguwa kaza. Tun safiyar Laraba 14 ga wata ba na iya fitar da kuɗi. Ma'aikaciyarku ta shaida mini cewa dalili shi ne naira 150,000 da suka shigo ranar Litinin 12 ga wata, ƙarfe 4:20 na yamma. Ga Session ID na wannan shigar. Kuɗin na ciniki ne: na ba da kaya na 95,000, na ba mai sayen 55,000 a hannu bisa roƙonsa. Ban san shi ba kafin ranar, ban kuma san mai asusun da ya turo ba. Na haɗo hoton shafin littafin ciniki na ranar, da takardar rajistar shago, da katin shaidata, da hoton gaban shagon. Yaron shagona da maƙwabcina sun ga cinikin, a shirye suke su ba da shaida. Abin da nake nema uku ne. Ku riƙe 150,000 da ake magana a kai har a gama bincike, ku sakar mini ragowar 590,000, domin jarin shago ne kuma akwai dila da ke bina 400,000. Ku faɗa mini sunan bankin da ya kawo ƙorafin da duk wata takarda da kuke buƙata daga gare ni. Ku ba ni lambar wannan ƙorafi da ranar da zan ji amsa. Na gode."

Akwai abubuwa a cikin wannan saƙo da suka cancanci a tsaya a kansu. Session ID lamba ce mai alƙaluma 30 da ke bin duk kuɗin da suka ratsa daga wani banki zuwa wani ta tsarin tura kuɗi nan take na kamfanin NIBSS. Tana jikin rasidin cinikin a cikin manhaja, idan aka danna shigar aka duba bayaninta. Da ita ce bankin da ya kawo ƙara da kamfanin manhajar suke gane cewa magana ɗaya suke yi. Mai shagon da ya ce "wani ya turo mini kuɗi ranar Litinin" ya bar ma'aikaci da lalube a cikin shigar kuɗi arba'in. Wanda ya ba da lambar ya ɗora masa yatsa a kan layin.

Sai batun 55,000. Malamin ne ya dage a rubuta, mai shagon yana jin tsoron kada ta zama masa igiya. Malamin ya fi shi gaskiya. Littafin ciniki ya nuna 95,000, alat ya nuna 150,000, duk mai bincike zai tambayi ina cikon ya tafi. Wanda ya faɗa da bakinsa tun farko ya nuna kansa a matsayin wanda aka yi amfani da shi. Wanda aka tono daga baya sai ya yi ta rantsuwa. Haka kuma ba a ƙirƙiro rasidi da tsohon kwanan wata don cike giɓi. Shafin littafi mai maiƙon manja, wanda cinikin da ya gabata da wanda ya biyo baya suke jere da alat-alat ɗin ranar, ya fi sabuwar takarda fes ƙarfi.

Mafi muhimmanci shi ne buƙatar da ya gabatar. Bai ce a buɗe komai yanzu-yanzu ba, domin kamfanin ba zai saki kuɗin da wani banki ya ce na sata ne ba don kawai mai asusu ya nema. Ya nemi abin da ma'aikaci zai iya amincewa da shi ba tare da ya jefa kansa cikin matsala ba: a mai da kullen gaba ɗaya ya koma riƙe adadin da ake jayayya a kai. Ba kullum ake yarda ba, musamman idan ƙorafin ya wuce ɗaya, amma wanda bai nema ba da wuya a yi masa tayi.

A nan mutane da yawa kan tambaya: shin kamfani yana da ikon kulle kuɗin mutum ba tare da kotu ba? Amsar tana da fuska biyu. A 2019 Kotun Ɗaukaka Ƙara, a wata shari'a da ta shafi bankin GTB, ta yanke cewa banki ba zai daskarar da asusu don hukumar EFCC ta rubuto masa wasiƙa kawai ba, sai ya ga umarnin kotu. Amma a ƙarshen 2024 kotun, a zamanta na Ado-Ekiti, ta ba bankin Kuda gaskiya a kan taƙaita asusun wata abokiyar hulɗarsa bayan wani banki ya kawo rahoto a kan kuɗin da suka shiga, tana mai dogaro da ƙa'idojin Babban Banki da kuma sharuɗɗan da mai asusu ya amince da su ranar da ya buɗe. Wato dogon rubutun nan da kowa ke danna amincewa bai karanta ba, yana aiki a gaban alƙali. Saboda haka saƙon da ya fara da barazanar lauya a ranar farko ba ya tsorata kowa, sau da yawa ma sai ya sa a miƙa maganar ga sashen shari'a, inda komai ke tafiyar hawainiya.

Idan kuwa amsar da aka bayar ita ce umarnin kotu ne, to wannan kulle na huɗu ne, kuma makullinsa ba ya hannun kamfanin. A watan Afrilu na 2024 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ba EFCC izinin daskarar da asusu 1,146 na tsawon kwana 90 a binciken hada-hadar kuɗin waje. Wanda ya faɗa irin wannan, abin da zai nema a saƙonsa shi ne sunan kotun, lambar shari'ar da hukumar da ta nema, sannan ya nemi lauya. Akwai kuma lokacin da ma'aikaci zai ƙi faɗin dalili ƙiri-ƙiri, domin dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana cibiyar kuɗi sanar da mai asusu cewa ta kai rahoton zargi a kansa.

Duk da haka, ba a wanke kamfanonin tas ba. Wanda ya iya aika wakilai lungu-lungu suna raba na'ura da Hausa, ya kamata ya iya gaya wa mai shago da Hausa abin da ya sa aka riƙe masa jari, da takardun da zai kawo, da kwanakin da zai jira. Kulle naira 740,000 saboda 150,000, a bar mutum da jimla ɗaya ta Turanci a allo, sauƙi ne ga kamfani, amma nauyin yana sauka ne a kan wanda bai saci komai ba. Shirun nan kuma shi ke tura mutane hannun mugaye. Mai shagon da ya gaji ya rubuta kukansa a shafin kamfanin a Facebook ko X, kafin minti goma wani mai hoton tambarin kamfanin zai biyo shi ta akwatin sirri ko ya kira, ya ce a turo lambar sirri ko lambar da za ta shigo ta saƙon tes, ko a biya kuɗin buɗewa. Ma'aikacin gaskiya ba ya tambayar ɗaya daga cikin waɗannan, kuma cire PND ba a biyansa.

Lambar ƙorafin da ya nema a ƙarshen saƙo ita ce tsaninsa na hawa gaba. Ƙa'idar Babban Banki ita ce a fara kai kuka ga cibiyar da abin ya shafa, a karɓi lambar bin sawu, a ba ta mako biyu. Idan ba ta warware ba, ko ta ƙi ma amsawa, sai a rubuta wa Sashen Kare Haƙƙin Masu Hulɗa na Babban Bankin ta cpd@cbn.gov.ng, ko a kai takarda reshensa mafi kusa. Za a sa suna, sunan kamfanin, lambar asusu, adadin kuɗi, tarihin abin da ya faru da kwanakinsa, da shaidar cewa an fara kai ƙorafin can. Kiran waya ba ya barin wannan shaida, shi ya sa ko an yi magana da baki, a bi ta da rubutu, a kuma ɗauki hoton allon duk wata hira. Hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye ita ma tana karɓar irin wannan koke.

Ranar Alhamis mai shagon ya tafi Singa da ƙafarsa, bai tsaya kira ba. Ya nuna wa Alhaji allon wayar da kwafin saƙon, ya ce, "Alhaji, kuɗinka na nan, hannuna ne ba ya kaiwa." Alhajin, wanda ba yau ya fara jin irin wannan ba, ya ɗaga masa ƙafa zuwa mako mai zuwa, ya kuma ba shi rabin kayan da ya saba ɗauka. A shago aka cire kwalin da ke ɗauke da lambar asusun, aka koma karɓar tsaba da wani tsohon asusun banki da ya daɗe bai taɓa ba, domin duk abin da ya shiga asusun da ke kulle ya shiga ke nan sai ranar buɗewa.

Kamfanin ya amsa ranar Juma'a, ya nemi ƙarin takardu biyu: rahoton 'yan sanda da takardar rantsuwa daga kotu mai bayanin yadda cinikin ya gudana. Ya kai su ranar Litinin. A ranar Alhamis ta gaba, kwana takwas da kullewa, aka saki 590,000, aka bar 150,000 a riƙe har bankin matar da kamfanin su kammala. Ko za su dawo masa, ko za a mayar wa matar shi ya tashi da asarar kayan da tsabar, wannan ya dogara da abin da binciken ya tsayar, kuma yana iya ɗaukar watanni.

Yanzu a kan teburinsa akwai littafi na biyu. Duk cinikin da ya haura 50,000 ta waya, yaron shago yana rubuta sunan da ya fito a alat, sunan mai ɗaukar kaya da lambar wayarsa, ya kira lambar a gabansa ya ji ta yi ƙara. Idan an turo fiye da kuɗin kaya, ba a ba da ciko a hannu. Kuɗin dila kuma duk dare yana kwashe su zuwa asusun bankin, ya bar na cinikin gobe kawai a manhajar.